Layi Ya Sauka, Kaya Ba Su Sauka Ba: Tambayoyi da Amsoshi kan Mayar da Zanen Alƙaluma Magana

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu tsayawa gaban jama'a da majigi: jami'an ƙungiyoyi, malamai, 'yan jarida, sakatarorin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma. An ba su zane mai layi ko sanduna, an ce su yi wa mutane bayani. Don kada magana ta watse, zane ɗaya za mu riƙe daga farko har ƙarshe, wato zanen hauhawar farashi a Najeriya daga 2023 zuwa farkon 2025, bisa alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata.

An miƙo mini zane an ce in yi bayaninsa. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da layin. Ido yana son ya ruga can, domin shi ne ke hawa da sauka, amma layi ba ya faɗin komai sai an san abin da ake aunawa. Fara karanta rubutun da ke gefe da ƙasa. Layin tsaye na hagu yana gaya maka ma'aunin: naira ne, mutane ne, buhuna ne, ko kashi cikin ɗari? Layin kwance na ƙasa yana gaya maka lokacin: watanni ne ko shekaru, daga yaushe zuwa yaushe? Sai ƙaramin rubutun da ke can ƙasan shafi, wanda kusan kowa ke tsallakewa, alhali shi ke faɗin wanda ya tara alƙaluman da yadda ya tara su.

A zanenmu, layin tsaye kashi ne cikin ɗari, kuma kowane ɗigo a kan layin yana kwatanta farashin wata guda da na irin wannan watan a shekarar da ta gabata. Ɗigon Yunin 2024 amsar tambaya ɗaya ce: nawa kaya suka ƙaru a kan yadda suke a Yunin 2023? Saboda haka zanen ba na farashi ba ne, na saurin tashin farashi ne. Wanda ya kama wannan ya gama rabin aiki. Wanda bai kama ba, duk jimlar da zai gina a kai karkatacciya ce, kamar yadda za a gani a amsar tambayar saukar layi a Yuli da Agusta.

Me ya kamata jimlar bayani ta ƙunsa?

Abin da ake aunawa, inda ya dosa, girman tafiyar da tsawon lokacinta, sannan abin da hakan ke nufi ga mai sauraro. Ba dole su shiga jimla guda ba, biyu ko uku sun fi sauƙin ji. Ga alƙaluman zanenmu: a Mayun 2023 hauhawar farashi tana kashi 22.41 cikin ɗari, a Disambar 2023 ta kai 28.92, a Yunin 2024 ta kai 34.19.

Mai karanta allo zai ce: "Kamar yadda kuke gani, a Mayu 22.41 ne, a Disamba 28.92, a Yuni 34.19." Bai yi ƙarya ba, amma bai yi bayani ba, karatu kawai ya yi, kuma da ma mutane suna ganin lambobin. Mai bayani cewa zai yi: "Daga tsakiyar 2023 zuwa tsakiyar 2024 kaya sun yi ta tsada, kuma saurin tsadar kansa ƙaruwa ya yi ta yi wata bayan wata. A Yunin 2024, kayan da aka saya naira dubu shekara guda baya sun koma kusan dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in. Wanda albashinsa bai motsa ba a wannan shekarar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake shigowa da shi gida ya tafi."

Jimlar ƙarshe ita ce ba ta cikin zanen, kai ne za ka lissafo ta. Idan abin dubu ya koma 1,342, naira dubunka tana sayen kusan kashi uku cikin huɗu na abin da take saye a da. A ganina wannan jimlar ce aikin mai bayani na gaskiya, sauran duk share fage ne.

Layin ya sauka a Yuli da Agustan 2024. Zan iya cewa kaya sun yi sauƙi?

A'a, kuma nan ne aka fi faɗawa rami. Daga 34.19 a Yuni, lambar ta sauka zuwa 33.40 a Yuli, sannan 32.15 a Agusta. A allo layin ya sunkuya. Amma 32.15 na nufin abin naira dubu a Agustan 2023 ya koma kimanin 1,320 a Agustan 2024. Ƙari ne, ba ragi ba. Ko a cikin watan Agustan kansa, idan aka kwatanta shi da Yuli, farashi ya ƙaru da sama da kashi 2 cikin ɗari.

Kwatancen da ya fi shiga kunne shi ne na mota. Direba yana gudun 120, ya sassauta zuwa 110. Motar ba ta tsaya ba, balle ta juya baya, gaba take ci, sai dai ba da gudun ɗazu ba. Jimlar da ta dace ita ce: "Kaya na ci gaba da tsada, amma saurin tsadar ya ɗan lafa wata biyu a jere." Kafin a ce kaya gaba ɗaya sun fi bara araha, sai layin ya gangara ƙasa da sifili, kuma a wannan zanen bai ko kusanci wurin ba.

Ka kula da kalmomin aikatau. "Sauka", "karye", "faɗi" da "yi sauƙi" a kunnen Bahaushe na farashi ne: buhu ya karye, tiya ta sauka. Idan ka ce "hauhawar farashi ta sauka", rabin zauren "farashi ya sauka" suka ji, kuma matar da ta je cefane da safe za ta ɗauke ka maƙaryaci, daga nan ba ta ƙara sauraronka. Ga saurin abu, yi amfani da "lafa", "sassauta", "rage gudu". Ka bar "sauka" da "karye" ga zanen da ke nuna nairar kanta.

Kashi cikin ɗari ba ya shiga kan masu saurarona. Yaya zan yi?

Mayar da shi kuɗi ko ma'aunin da suke riƙewa da hannu. Naira dubu ita ce mafi sauƙi: ninka kashin sau goma ka ɗora a kan dubu. Kashi 34 ya zama ƙarin naira 340. Hauhawar farashin abinci a Yunin 2024 ta kai kashi 40.87, wato cefanen dubu ya koma kusan dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma. Ga manoma da 'yan kasuwar hatsi, juya shi ta ɗaya fuskar: kuɗin da ya sayi tiya goma bara, bana tiya bakwai yake saye da ɗan ɗori. Lissafin shi ne goma a raba da 1.41.

Akwai kuma kason da harshe ya riga ya saba da su: rabi, sulusi, rubu'i, ɗaya bisa biyar. Kashi 34 ai "sulusi da ɗan ɗori" ne. Abin da za a kiyaye shi ne kalmar "ninki". Ƙarin kashi 100 shi ne ninki biyu. Ƙarin kashi 34 bai kai ko rabin hanyar ninki ba, don haka kada zafin magana ya sa ka ce "kaya sun ninka" alhali zanen da ke bayanka bai ce haka ba.

In faɗi lambobin da ke bayan ɗigo, ko in zubar da su?

A baki, zubar da su. "Kusan kashi 34" ya isa, cikakkiyar lambar tana nan a allo ga mai son ta. Inda za ka riƙe lamba ɗaya bayan ɗigo shi ne idan bambancin da kake magana a kai ƙarami ne, kamar daga 34.6 a Nuwamba zuwa 34.8 a Disambar 2024, domin in ka dunƙule su duka 35 za su zama. Ko a nan, "kusan bai motsa ba" ya fi lambobin biyu faɗin gaskiya.

Daga 22.41 zuwa 34.19, in ce ya ƙaru da kashi 12?

Wannan jimla tana da fuska uku, shi ya sa take rikita mutane. Wani zai ji farashi ne ya ƙaru da kashi 12, wanda ba haka ba ne. Wani zai ji saurin hauhawar ne ya ƙaru da kashi 12 na yadda yake, shi ma ba daidai ba, domin tashi daga 22.41 zuwa 34.19 ƙari ne na fiye da rabi. Abin da ya faru shi ne tazarar lambobin biyu 11.78 ce, kuma masana suna kiran wannan tazara maki, ba kashi ba.

Gaban masana ka ce "ya ƙaru da maki kusan 12". Gaban sauran jama'a ma kada ka shiga wannan daji. Faɗi farko da ƙarshe, ka bar su su ga tazarar da kansu: "A Mayun 2023 ana samun ƙarin naira 224 a kan kowace dubu cikin shekara, a Yunin 2024 ƙarin ya kai 342."

Zanen da aka ba ni ya nuna gagarumar faɗuwa, amma lambobin ba su da nisa da juna. Wanne zan bi?

Bi lambobin. Koma layin tsaye ka ga daga ina ya fara. Manhajoji irin su Excel da PowerPoint sukan zaɓi mafari da kansu idan lambobin suna kusa da juna, wani lokacin kuma mai zanen ne ya zaɓa da gangan. A ce layin ya fara daga 30 ya tsaya a 35. Sandar Yuni mai 34.19 za ta yi tsawon 4.19, ta Agusta mai 32.15 ta yi tsawon 2.15. Ido zai ce abu ya ragu da rabi. A zahiri maki biyu ne suka fita daga talatin da huɗu, wato kusan ɗaya bisa goma sha bakwai.

Idan kana da ikon gyara zanen, sa sandunan su fara daga sifili, domin tsawon sanda shi ne saƙonta. Zanen layi yana iya farawa daga wani wurin, amma a faɗa. Idan ba ka da iko, ka ce da bakinka: "Ku lura, zanen nan daga talatin ya fara, shi ya sa saukar ta yi kama da babba. Ƙarama ce." Haka kuma duba layin kwance. Wanda ya yanko Yuni zuwa Agusta kawai ya nuna sauka, wanda ya bar zanen ya kai Disamba zai ga layin ya sake miƙewa har 34.80, sama da inda yake a Yuni. Wata biyu ba su isa a kira su alƙibla ba.

A Janairun 2025 layin ya rufta daga 34.80 zuwa 24.48. Wannan fa, ai babban labari ne?

Labari ne, amma ba wanda ido ke zato ba. Daga alƙaluman wannan watan Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'auninta. Ta bar 2009 a matsayin shekarar da ake kwatanta farashi da ita ta koma 2024, ta faɗaɗa jerin kayan da take bin farashinsu, ta kuma sake nauyin da take ba kowane rukuni, har kason abinci a lissafin ya ragu. Lambar 24.48 da aka sanar ta Janairu da sabon mudu aka auna ta, 34.80 ta Disamba kuma da tsoho. Wanda ya auna gero yau da kwano ɗaya, gobe da wani kwanon, ba zai ce gero ya ragu ko ya ƙaru ba sai ya san girman kwanukan.

Jimlar da ta dace: "Daga Janairun 2025 an canja yadda ake lissafi, saboda haka lambobin kafin nan da na bayan nan ba a kwatanta su kai tsaye. Ba wai kaya sun karye cikin wata guda ba ne." A zanen ma, gara a yanke layin a wurin, a bar giɓi ko a ja layin tsaye da ɗan rubutu, maimakon a haɗa ɗigon Disamba da na Janairu kamar hanya ce miƙaƙƙiya.

Wannan darasi ya wuce zanen farashi. Duk lokacin da layi ya yi tsalle ko ya rufta a ɗigo ɗaya, tambayar farko ita ce ko an canja yadda ake ƙirga. Asibitocin da ke aiko da rahoto sun ƙaru? An canja ma'anar abin da ake ƙirgawa? Wani wata rahoto bai iso ba aka rubuta sifili? Amsar takan ɓuya a ƙaramin rubutun nan da aka ambata a amsar farko.

Kullum sai an tambaye ni "me ya jawo?" Zanen ai ya nuna tashin ya biyo bayan cire tallafin mai. In faɗa?

Faɗi abin da zanen ya nuna da murya ɗaya, abin da kake ɗorawa da wata muryar. Gaskiya ne Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuma a watan Yuni Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Gaskiya ne kuma layin ya ƙara miƙewa bayan nan. Amma zanen lokaci kawai ya nuna. Bai raba maka nawa ne na mai, nawa ne na faɗuwar naira, nawa ne na rashin tsaro a yankunan noma ba. Hasali ma layin yana hawa tun kafin Mayu: a Janairun 2023 yana 21.82. Don haka ka ce "bayan", kada ka ce "saboda", sai in kana da hujja daga wajen zanen. In kana da ita, ka nuna gaɓar: "Zanen ya nuna tashi bayan watan Mayu. Abin da aka sani daga wajen zanen shi ne kuɗin mai ya tashi, kuɗin mota ya bi shi, ɗan kasuwa kuma ya ɗora a kan kaya."

Wani dalilin ma a cikin lissafin yake zaune. Lafawar Agustan 2024 da muka gani a sama, wani ɓangarenta ya zo ne daga abin da ake kwatantawa da shi. A Agustan 2023 farashi ya yi tsalle da sama da kashi 3 cikin wata guda, ana tsakiyar zafin cire tallafi. Da aka zo auna Agustan 2024 a kan watan da shi ma ya riga ya yi tsada, sai tazarar ta ɗan tsuke. A baki za ka iya cewa: "Bara war haka kaya sun riga sun yi tsalle, shi ya sa bambancin bana da bara ya ɗan ragu."

Wani ya miƙe ya ce a kasuwarsu tsadar ta fi haka nesa ba kusa ba. Me zan ce masa?

Kada ka yi musu da shi, mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Lambar ƙasa matsakaici ce: ta haɗa birni da ƙauye, jihohi duka, abinci da haya da sutura da kuɗin makaranta. Gidan da kusan duk kuɗinsa ke tafiya a abinci, lambar abinci ce ta fi kusa da shi, kuma a Yunin 2024 ta ɗara ta gaba ɗaya da maki kusan bakwai. A cikin abincin ma wani ya tashi fiye da wani, kuma farashin hatsi a Dawanau lokacin kaka daban yake da na tsakiyar damina.

Sannan mutane ba shekara guda suke tunawa ba, suna tuna farashin da suka saba da shi ne tun can baya, zanen kuwa shekara ɗaya-ɗaya yake aunawa. Tara masa su. A Yunin 2023 lambar 22.79 ce, wato dubu ta Yunin 2022 ta koma 1,228. Ɗora kashi 34.19 a kan wannan, ba a kan dubun farko ba, sai ta kai kimanin 1,650. Ka ce masa: "Malam, kana da gaskiya. Zanen nan daga bara yake aunawa, kai kuma daga bara waccan kake ji a jikinka. In muka haɗa shekarun biyu, abin dubu ya haura dubu ɗaya da ɗari shida."

Shafin yana da layuka biyar da jadawali cike da lambobi. Duk zan bi?

A'a. Zaɓi kwatance guda, wanda ya shafi mutanen da ke gabanka. Idan shafin ya nuna layin gaba ɗaya, na abinci, na birni, na karkara da na sauran kaya, kuma taron na matan da ke sana'ar abinci ne, layin abinci da na gaba ɗaya kawai za ka taɓa: "Abinci ya fi sauran kaya saurin tsada." Ka gaya musu launin layin da za su bi da ido, ka ce sauran suna nan ga mai tambaya. Idan ka kasa zaɓa, alama ce ba ka riga ka san abin da kake son faɗa ba, kuma a gida ake warware wannan, ba gaban jama'a ba.

Jimlar a allo zan rubuta ta, ko a baki kawai?

Ta farko, mai ɗauke da alƙibla, ita ce za ta zama kan shafin. Maimakon "Hauhawar Farashi, 2023 zuwa 2024", wanda suna ne kawai, rubuta "Tsadar kaya ta yi ta ƙara gudu har Yunin 2024, ta ɗan lafa wata biyu, ta sake tashi". Dalilin shi ne hoton shafin zai fita daga zauren. Wani zai ɗauke shi da waya ya tura a WhatsApp, kuma muryarka ba za ta bi shi ba. Haka ma gargaɗi irin na canjin ma'auni a Janairun 2025, a rubuta shi a jikin zanen. Misalin naira dubu da na tiya kuwa na baki ne. Idan rediyo ne, babu allo kwata-kwata, sai ka rage lambobi zuwa biyu, ka maimaita su.

Ta yaya zan gane jimlata ta fita kafin in hau mumbari?

Nemi wani a gida ko a wurin aiki wanda bai ga zanen ba, ka faɗa masa jimlar sau ɗaya, kada ka ƙara bayani. Kada ka tambaye shi ko ya gane, don zai ce ya gane ko don kara. Tambaye shi abin da amsarsa za ta tona: "To, a Agustan 2024 kaya sun fi na Yuli araha ko tsada?" Idan ya ce araha, kalmar "sauka" ta sulale cikin jimlarka ko ba ka lura ba, koma amsar tambayar Yuli da Agusta ka gyara. Sannan ka ba shi takarda ka ce ya zana layin yadda ya ji. Idan ya zana tudu mai hawa, ɗan kwari, sai wani hawan, jimlar ta ɗauki siffar zanen. Idan ya zana gangara tun daga farko, ko ya tsaya yana tambayarka "layin me?", abin da ake aunawa ne ka manta ka faɗa a farkon jimla.